Layukan da ke kashe garanti: abin da mai sayen sumon sola zai duba a Kankiya da Kusada

Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lissafin masu rijiyar burtsatse ya canza a ƙasar Kankiya da Kusada. Mai lambun rani, kwamitin masallaci, shugaban makaranta, ƙungiyar manoma, duk wanda ke tayar da janareta don ya ɗaga ruwa ya fara tambayar kuɗin sumo mai aiki da hasken rana. Kayan kuwa ba su da wuyar samu. Kankiya tana bakin titin Kano zuwa Katsina, mutum zai yi sammako ya shiga Sabon Gari a Kano, kafin magariba ya dawo da sumo da kwanturola da faranta a bayan mota. Maganar da ake sallamarsa da ita a shago kusan ɗaya ce: "Alhaji, kada ka damu, yana da garantin shekara biyu."

Maganar ba lallai ƙarya ba ce. Abin da ba a faɗa masa shi ne, garantin yana rataye ne da wasu lambobi da ke cikin takardar bayanin injin, waccan mai shafi ɗaya ko biyu da ake jefarwa tare da kwali. Yawancin garantin da ke mutuwa a wannan yanki, ranar da aka haɗa injin yake mutuwa, mai shi bai sani ba sai bayan wata biyar ko shida, lokacin da famfon ya tsaya aka kai shi Kano aka ce masa laifin daga wajensa ne.

Takardu uku ne ke zuwa da injin kirki daga waje. Akwai takardar bayani, wadda ke ɗauke da awo da iyakoki. Akwai littafin haɗawa da kula. Sai takardar garanti. Takardar bayani sau da yawa ko kalmar garanti babu a cikinta, shi ya sa ake raina ta. Amma a takardar garanti za a ga jimla guda da ke cewa kamfani ba ya ɗaukar lalacewar da ta faru saboda an yi amfani da injin a wajen iyakokin da aka bayyana, ko an haɗa shi saɓanin littafi. Wannan jimlar ce ke mayar da kowace lamba da aka rubuta `Max.` ko `Min.` a gabanta ta zama sharaɗi. Kamfani yana lamunce aibin ƙira ne kawai, wato abin da ya fito da shi daga masana'anta. Ɓarnar da rijiya ko waya ko mai haɗi suka jawo, ta mai saye ce.

A sumon sola, layuka uku ne suka fi cin mutane a nan: iyakar wutar da ke shiga kwanturola, aiki babu ruwa, da yawan yashi.

Faranti huɗu da sanyin hunturu

Kwanturola ita ce akwatin da ke karɓar wuta daga faranta ta sarrafa ta ta tura wa motar da ke ƙarƙashin ruwa. A takardarta akwai layi mai suna `Max. input voltage`, wato mafi girman ƙarfin wuta da za ta iya jurewa, da ma'aunin bolt. A sumon kamfanin Lorentz na Jamus samfurin PS2-1800, alal misali, iyakar bolt 200 ce. A ƙaraminsa PS2-600 kuma 150. SQFlex na kamfanin Grundfos na Denmark yana karɓa daga 30 zuwa 300. Kowane inji da tasa, kuma ba a aro daga wani.

Mu ɗauka wata ƙungiyar manoma a gefen Kusada ta sayi sumo mai iyakar 200, da faranta huɗu masu wat 550 kowanne. A bayan kowane faranti akwai lasika mai lambobin bolt guda biyu. Ɗaya `Vmp`, wutar da yake bayarwa yana cikin aiki, kusan 41.5 a irin wannan farantin. Ɗayar `Voc`, wutar da ke kansa idan rana ta bugi fuskarsa amma ba abin da ke jan wutar, kusan 49.8. Mai haɗi ya jera huɗun a layi ɗaya, jelar wannan a kan wancan, wanda ke sa bolt ɗinsu ya taru. Idan da lambar farko ya yi lissafi, zai samu 166, ya ce akwai sauran fili. Wannan shi ne kuskuren farko, don iyakar kwanturola da lamba ta biyu ake auna ta. Da safe kafin famfo ya tashi, ko duk lokacin da tanki ya cika ya tsaya, wutar da ke zaune a bakin kwanturola `Voc` ce. Huɗu sau 49.8 kuwa 199.2 ne.

To, ai bai kai 200 ba, in ji mai haɗi na biyu, wanda ya fi na farko sani. Nan ne hunturu ke shigowa. Lambobin da ke bayan faranti an auna su ne a zafin digiri 25. Farantin sola kuwa yana ƙara bolt idan ya yi sanyi, yana ragewa idan ya yi zafi. Takardarsa tana faɗin yawan ƙarin, a layin da ke da alama irin `-0.27%/°C`, ma'ana duk digiri ɗaya da aka sauka ƙasa da 25, wutar tana ƙaruwa da kashi 0.27 cikin ɗari. A Disamba da Janairu, safiyar ƙasar Katsina tana iya sauka zuwa digiri 12 ko kusa da haka. Lissafin ke nan:

```
25 - 12 = 13
13 x 0.27% = 3.5%
199.2 x 1.035 = 206 V
```

An wuce iyaka da bolt shida. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba nan take injin ke ƙonewa ba. Idan a watan Afrilu aka haɗa, faranta suna da zafi, wutar tana ƙasa da iyaka, ruwa yana zuba, kowa yana sa wa mai haɗi albarka. Damina ta wuce lafiya. Ko a hunturun ma, ranar da ƙura ta rufe sama hasken ba ya kai wa faranta da ƙarfi. Sai wata safiya da gari ya waye tas, ga sanyi ga rana, kwanturola ta ɗauke, wani lokaci da ƙaurin ƙuna, wani lokaci shiru kawai.

Idan aka kai ta wurin wakilin kamfani, ba sai ya yi gardama da kowa ba. Abu na farko da zai nema shi ne hoton faranta da lasikar bayansu, ya ƙirga ya ninka. Idan ya buɗe akwatin kuma, ƙunar tana daidai mashigar wuta, ba a ɓangaren mota ba. Kwanturoloji na zamani da yawa ma suna ajiye tarihin aikinsu, ana karanta shi ta waya. Magana ta ƙare a nan: an ba inji abin da ya fi ƙarfinsa.

Gyaran kuwa ba ya cin ko sisi idan tun farko aka yi shi. A jera faranta uku a layi, `Voc` ta zama kusan 149, da sanyi ta kai 155, nesa da iyaka. Sai a duba ɗaya gefen, ko ukun sun isa su tayar da famfon, don akwai mafi ƙarancin wutar da yake so. Uku sau 41.5 sun ba da kusan 125, wanda ya wadatar wa inji irin wannan. Idan ana son ƙarin ƙarfi, sai a yi layi biyu masu uku-uku a haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ƙarfin ya ninka, bolt bai motsa ba. Abin takaici a nan shi ne, faranti na huɗu da ke kashe garantin sau da yawa mai sayen ne da kansa ya ce a ƙara, don ruwa ya fi zuwa. Wasu ma bayan wata biyu suke sayo shi, a kira yaron mai haɗi ya jona. Duk wanda zai ƙara faranti, ya sake wannan lissafin kafin a taɓa waya.

Rijiyar da ba ta kai ƙarfin famfo ba

Layi na biyu ya fi shafar wannan yanki fiye da wasu. Ƙasar Kankiya da Kusada a kan dutse take, ruwan ƙarƙashinta yana cikin ruɓaɓɓen dutsen sama da tsagogi ne, ba cikin shimfiɗaɗɗen yashi mai ruwa ba. Saboda haka rijiyoyi da yawa ba sa ba da ruwa mai yawa a awa, kuma daga Maris zuwa Mayu ruwan yana ja da baya. Sumo kuwa ruwan da yake turawa shi ne ke sanyaya motarsa, shi ne kuma man da ke tsakanin sassansa masu juyawa. Shi ya sa kowace takarda ke hana abin da take kira `dry running`, wato juyawa babu ruwa.

A ce rijiya tana iya ba da lita 1,500 a awa, aka saka mata famfon da ke jan lita 4,000 da tsakar rana. Da safe, rana ba ta yi ƙarfi ba, famfo yana tafiya a hankali, komai daidai. Wajen sha ɗaya ya buɗe wuta, ya kwashe ruwan da ya taru a bututun rijiya, ya fara shaƙar iska. Alamar a bakin tiyo take: ruwa yana zuwa yana yankewa, yana tofi, ana jin iska a ciki. Duk wanda ya ga haka a rijiyarsa, famfonsa yana cin kansa ne.

Kamfanoni sun san da wannan, shi ya sa suke haɗo na'urar jin ruwa, ɗan ƙaramin abu da ake ɗaurewa a saman famfo. Ruwa ya sauka ƙasa da shi, kwanturola ta kashe mota ta jira rijiya ta farfaɗo. A wasu samfurori a jikin wayar motar take, a wasu kuma daban take, da wayarta da za a ja har sama. A nan ake yin ɓarnar. Wani mai haɗin yana ƙyashin wayar, sai ya gajarce ramukan na'urar biyu a cikin kwanturola da guntuwar waya, inji ya ɗauka kullum akwai ruwa. Wani kuma mai rijiyar ne ke kiransa yana faɗa, "Malam, injin nan sai kashe kansa yake yi da rana tsaka," shi kuma don a zauna lafiya ya cire na'urar. Injin da ke kashe kansa aikinsa yake yi. Rijiyar ce ba ta kai ba. Maganin shi ne a rage gudun famfo daga kwanturola ya yi daidai da abin da rijiya ke bayarwa, ko tun farko a sayi ƙarami.

Famfon da ya yi aiki babu ruwa ba ya ɓoyuwa. Mai murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa cikin roba, za a tarar robar ta ƙone ta yi baƙi ta farfashe. Mai farfela, za a ga farfelun roba sun narke sun manne. Babu aibin masana'anta da ke barin irin wannan tabo. Don haka kafin mai saye ya tambayi kuɗin sumo, ya fara neman rahoton gwajin rijiyarsa daga waɗanda suka haƙa: zurfinta, inda ruwa yake tsayawa, inda yake sauka idan ana ja, da lita nawa take bayarwa a awa. Idan ba a yi gwajin ba, a yi, kuma gwajin bazara ya fi na kaka faɗin gaskiya.

Yashi

Na uku shi ne yashi. Grundfos, a takardun sumonsa na SQFlex, ya sa iyakar giram 50 a cikin kowace lita 1,000, ana rubuta shi `50 g/m³`. Wasu kamfanonin suna ba da fiye da haka, amma kowa yana da lambarsa. Lambar tana da ƙanƙanta fiye da yadda ake zato. A duro mai lita 200, giram 10 ke nan, abin da bai wuce cokalin shayi ɗaya da rabi ba. Gwajin mai sauƙi ne: a tara ruwan rijiyar a farin bokiti mai lita 20, a bar shi ya kwanta. Abin da aka yarda a gani a gindin bokitin giram ɗaya ne, ɗan abin da yatsa biyu za su tsinta. Idan ana iya dangwalo shi da cokali, an wuce iyaka nesa ba kusa ba.

Yashi yana zuwa ne daga rijiyar da ba a wanke ta sosai da kwamfuresa ba bayan haƙa, ko wadda ba a zuba mata tsakuwa yadda ya kamata a bayan bututu ba, ko kuma an sauke famfo har ya kusa zama a gindi, inda laka ke taruwa. Sabon sumo mai tsada ba shi ne abin wanke sabuwar rijiya ba. A yi wannan da kwamfuresa ko tsohon famfo har ruwa ya fito garau. Alamar cin yashi ita ce ruwa yana raguwa a hankali wata bayan wata, alhali faranta lafiya, mota tana juyawa. Idan aka buɗe, za a ga zane-zane a jikin ƙarfe kamar an goge shi da sanfefa. Takardar garanti tana kiran wannan suɗewa, kuma ba ta biyan sa.

Akwai wasu ƙananan layuka da ba sai an daɗe a kansu ba. Kwanturola tana da iyakar zafin wurin da take, sau da yawa digiri 50. A Afrilu inuwa ma tana haura 40, balle akwatin ƙarfe da aka kafe a rana, don haka a ƙarƙashin faranta ko cikin ɗaki mai iska ake sa ta. Tsawa kuma kusan babu garantin da ke ɗaukar ɓarnarta, kuma littafi yana wajabta sandar atin da na'urar tare tsawa. A farkon damina ake gane wanda ya tsallake wannan shafin.

Garantin wa, kuma daga yaushe?

Ko da an kiyaye duk lambobin nan, akwai tambayar da ta riga su: wa zai biya? Garantin kamfanin waje yana bin hanyar da kayan suka shigo ne. Idan ta hannun wakilin da kamfani ya naɗa a Najeriya suka zo, lambar jikin injin tana cikin rajistarsa. Idan kuwa wani ɗan kasuwa ne ya sayo su a Dubai ko Guangzhou ya cika kwantena, injin yana iya zama na asali sumul, amma wakilin nan ya ce ba ta hannunsa ya bi ba. A wannan hali garantin da ke akwai na mai shago ne, kuma darajarsa daidai take da abin da ya yarda ya rubuta. Takardar SONCAP da wasu ke nunawa shaida ce ta hukumar SON cewa kayan sun cika ƙa'idar shigowa ƙasa, ba alkawarin gyara ba ce.

Sai ranar da ake fara ƙirga. Sharaɗin da Grundfos ya daɗe yana bugawa shi ne wata 24 daga ranar da aka kafa inji, amma kada ya wuce wata 30 daga ranar da aka ƙera shi. Ke nan famfon da ya yi shekara ɗaya da rabi tsakanin jirgin ruwa da sito da shago, saura masa shekara ɗaya, duk da an ce maka biyu. Ranar ƙira tana jikin lasikar injin, wani lokaci a dunƙule cikin lambobi; a sa mai shago ya nuna ta. Wannan ya fi shafar masu sayen kaya na hukuma ko na ƙungiya, waɗanda ke saye a ajiye a sito har sai an gama haƙa rijiya.

Saboda haka rasit ɗin da aka rubuta "sumo 1" da kuɗi kawai ba ya tsare kowa. A rubuta sunan kamfani, samfuri, lambar jikin famfo, lambar jikin kwanturola, kwanan wata, tsawon garanti, da wanda za a kai wa idan ya lalace. A tambaya a rubuta wa zai biya kuɗin ciro famfo daga rijiya da kai shi Kano ko Legas, don yawancin takardu sun ce wannan na mai saye ne. Ranar haɗi kuma a ɗauki hotuna: lasikar bayan faranti, yadda aka jera su, cikin kwanturola da wayar na'urar jin ruwa a raminta, mita tana nuna bolt kafin a kunna, da bokitin gwajin yashi. Mai haɗi ya sa hannu a takarda mai ɗauke da zurfin da ya sauke famfo. Idan takardar garanti ta ce sai ƙwararren da kamfani ya amince da shi zai haɗa, a nemi sunansa daga mai sayarwa, kada a bari sai an zo rigima.

Mai saye ba shi da garantin kamfani kaɗai. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba wanda aka sayar wa kaya mai aibi damar mayar da shi cikin wata uku a gyara, a canza ko a biya shi, ko da an rubuta a rasit cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. A fiƙihun Malikiyya ma da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya tarar da ɓoyayyen aibi a abin da ya saya yana da zaɓin mayarwa. Sai dai duka biyun suna magana ne a kan aibin da ya zo da kaya. Bolt 206 a kan kwanturola mai iyakar 200 ba ya cikin wannan, a kotu ko a gaban malam.

Ranar da famfo ya tsaya, akwai kuskure na ƙarshe da ke ƙwace wa mutum haƙƙinsa ko da yana da gaskiya. Ruwa ya yanke, tumatir yana yaushi, sai a ɗauko mai gyaran rediyo ya buɗe kwanturola ya sa ƙarfen narka dalma, ko a kai motar wurin mai naɗin kwayil. Da zarar an karya hatimin kamfani ko an ga hannun wani a ciki, garanti ya faɗi, ko da asalin matsalar daga masana'anta ce, don an shafe shaidar. Abin yi shi ne a kashe makunnin faranta, a rubuta fitilar da ke ci ko lambar kuskuren da ke kan allo, a ɗauki hoto, a sanar da mai sayarwa a rubuce a ranar, ko ta saƙon waya ne mai kwanan wata. Sannan a ciro famfon a kai shi yadda yake, da lakarsa da wayarsa, tare da rasit da hotunan ranar haɗi. Kafin amsa ta dawo, a yi hayar ƙaramin injin fetur ko a ari na maƙwabci a ceci lambun. Kuɗin hayar mako biyu bai kai rabin kuɗin sabuwar kwanturola ba.